Shekarar Nama: Yaron da Ya Gani da Babban da Ke Ba da Labari

Duk wanda ya buɗe baki ya ce "lokacin da nake yaro", ya riga ya zama mutum biyu. Akwai yaron da abin ya faru a kan idonsa, akwai kuma babban da ke zaune yau yana ba da labarin, da furfurarsa da duk abin da duniya ta koya masa tun daga wancan lokaci. Su biyun da kalma guda suke magana: na gani, na ji, na ruga. Shi ya sa mai sauraro ba ya saurin gane wane ne cikinsu ke riƙe da zancen, wani lokacin ma shi kansa mai labarin ba ya ganewa.

Mu uwaye da malamai kusan kullum muna cikin wannan aiki. Muna ba ƴaƴanmu labarin tafiyar ƙasa zuwa lakwal, da labarin fitilar ƙwai, da labarin yunwa. Sau da yawa kafin mu kai tsakiya sai mu ga idon yaro ya koma wani wuri. Mukan ce ƴaƴan yanzu ba su da sauraro. Ni kam ina ganin akwai wani dalili: yaron da muke ba su labarinsa bai yi kama da yaro ba. Dattijo ne aka sanya wa ƙaramar riga, yana tunanin manya, yana haƙurin manya, ya san ƙarshen komai tun kafin ya faru. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Amma abin da yaro ya gani daga ƙasa, shi ma babba ba ya ganinsa sai ya durƙusa.

Bari in ɗauki labari guda daga rayuwata mu bi shi daki-daki, domin a cikinsa ne na fi ganin yadda abin yake.

Ga abin da na sani yau. Damanar 1984 ba ta yi ba a mafi yawan ƙasarmu. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe a tsaye, ciyawa ba ta fito ba. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya ta kuma canza takardun naira, sai ya zamana hanyar da mutanenmu suka saba bi su nemo hatsi ko su yi ci-rani ta toshe daidai lokacin da aka fi bukatarta. Daga nan yunwar ta samo sunan da har yau ake kiranta da shi, El Buhari. Gwamnatin Seyni Kunce ta tura mutane ga noman rani. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Bisashe sun yi ta mutuwa, waɗanda suka rage kuma darajarsu ta faɗi warwas a kasuwa, har kuɗin akuya ba ya sayen hatsin kirki.

Ga kuma abin da na sani a lokacin, ina ɗan shekara tara, a wani ƙauye tsakanin Maraɗi da Dakoro: a wannan shekarar ce muka fi cin nama. Babu Sallah, babu suna, amma a gidanmu ana yanka akuya. Igiyar shanya cike take da nama. In da za a tambayi yaron nan sunan shekarar, "shekarar nama" zai ce.

To, yaya za a rubuta wannan? Hanyar da ta fi sauƙi ita ce babba ya karɓe zancen gaba ɗaya, kamar haka:

"A shekarar El Buhari, da fari ya halaka bisashe kuma aka rufe iyaka, na ga mahaifina yana yanka awakinmu ɗaya bayan ɗaya don kada su mutu a banza. Zuciyata ta karaya da na ga dukiyar gidanmu tana ƙarewa. Tun daga ranar na gane cewa duniya ba ta da tabbas."

Babu ƙarya game da shekarar a cikin wannan, amma akwai ƙarya game da yaron. Ɗan shekara tara bai san an rufe iyaka ba, bai ma taɓa ganin iyaka ba. Kalmar "dukiya" ba tasa ba ce. Zuciyarsa ba ta karaya ba, murna yake yi. Kuma babu wata rana guda da ya gane duniya ba ta da tabbas. Wannan ganewa ta ɗauki shekaru, ta zo da kaɗan-kaɗan. Babban ya kwashe iliminsa na yau ya ɗura a bakin yaro. Mai karatu zai gyaɗa kai ya wuce, don an riga an tauna masa komai, ba a bar masa abin da zai gano da kansa ba.

Hanya ta biyu ita ce a bar yaron shi kaɗai:

"Baba ya kira ni in riƙe masa ƙafar akuya. Jar nan ce mai farin goshi, wadda ke cin takardar littafina. Ƙafarta siririya ce, hannuna ɗaya ya zagaye ta. Da aka feɗe, Inna ta yayyanka naman sili-sili ta rataya a igiya, ni aka sa korar ƙudaje da shirwa. Da dare aka gasa hanta. Yaya ta ce haƙori ke yi mata ciwo, ta tura mini rabonta, ta shiga ɗaki. Na kwanta ina addu'a haƙorin nan kada ya warke da wuri."

Wannan yana da rai. Ana jin ƙaurin hanta, ana ganin siririyar ƙafa. Kuma lura: yunwar tana ciki ba tare da an ambace ta ba. Akuyar da ke cin takarda ba ta da ciyawa. Ƙafar da hannun yaro ke zagayewa ta dabbar da ta rame ce. Wanda ya ga wannan shekara da idonsa ba ya bukatar ƙarin bayani, zai gane nan take.

Sai dai ba don shi nake rubutun ba. Don ƴaƴana nake yi, waɗanda aka haifa shekaru da yawa bayan abin ya wuce. In na tsaya nan, za su ɗauka labarin wani biki ne. Iyakar hanya ta biyu ke nan: yaro ya iya gani, amma ba ya iya faɗa wa mai karatu girman abin da ya gani. Malamai da yawa cikinmu sun karanta L'Enfant noir na Camara Laye a makaranta. Littafin ya fito a 1953, marubucin ya rubuta shi yana Faransa, yana waiwayen ƙuruciyarsa a Kurusa ta ƙasar Gine: maƙerar mahaifinsa, da ɗan baƙin macijin da ke zuwa wurinsa, da girbin shinkafa. Ya riƙe idon yaro da kyau ƙwarai, shi ya sa littafin ke shiga rai. Amma Mongo Beti na Kamaru ya soke shi da cewa ya bar mulkin mallaka da wahalhalunsa a waje, kamar babu su. Ko mutum ya yarda da sukar ko bai yarda ba, ta nuna inda matsalar take: yaron ba shi da laifi in bai ga wani abu ba, amma babban da ke riƙe da alƙalami ya san da shi, kuma mai karatu yana da damar tambayarsa dalilin yin shiru.

Hanya ta uku ita ce wadda na tsaya a kanta. Na bar sakin layin yaron yadda yake, ban taɓa ko kalma ɗaya ba. Sannan na sauka ƙasa, na buɗe sabon layi, na bar babban ya shigo da fuskarsa a fili:

"Sai bayan shekara goma sha biyar, a zaman makokin Inna, Gwaggo ta gaya mini. Ashe awakin nan ba na Baba ba ne. Na Inna ne, ta tara su da kuɗin ƙuli-ƙuli, da niyyar a sayar a yi wa Yaya kayan ɗaki. Ashe haƙorin Yaya lafiyarsa lau."

Daga nan ne kawai na kawo fari da rufe iyaka da faɗuwar kasuwa, cikin layi uku ko huɗu, da bakin babba.

Abin da ya canza shi ne mai karatu ya bi hanyar da na bi. Ya ci hantar tare da yaron, ya yi dariyar addu'ar haƙori, sannan maganar Gwaggo ta same shi yadda ta same ni. Tazarar shekara goma sha biyar da ke tsakanin gani da ganewa ita ce cibiyar labarin. Hanya ta farko ta shafe ta, ta biyu ba ta kai gare ta ba.

Harshenmu ya tanadar mana kayan wannan aiki, ba sai mun ara ba. Kalmar "ashe" ƙofa ce: da zarar ta fito, kowa ya san mai magana ya tsallako daga rashin sani zuwa sani. "Wai" tana nuna abin da aka ji daga bakin wani, mai labari bai ɗauki nauyinsa ba: wai haƙori ke yi mata ciwo. "A lokacin" da "a ganina na yaro" suna killace tunanin yaron kada ya gauraya da na yanzu. "Sai daga baya" tana auna tazarar. Akwai kuma bambanci tsakanin "mukan tafi" da "sai muka tafi". Na farko bakin babba ne, ya tattara ranaku da yawa ya dunƙule su. Yaro ba ya rayuwa cikin "mukan", rana ɗaya yake ciki. Na biyu shi ke sa mu cikin ranar. In ka duba rubutunka ka ga "mukan" da "akan" sun cika shafi, to dattijon bai ba yaron wuri ba tukuna.

Amma "ashe" kamar kanwa take a miya. Na gwada wani salo inda ta biyo bayan kowace jimla: akuyar na cin takarda, ashe yunwa ce, ƙafarta siririya, ashe rama ce. Labarin ya zama kamar yaro na magana wani babba na katse shi a kowane numfashi. Ƙa'idar da nake bi yanzu ita ce shigowa ɗaya a kowane fage, kuma bayan yaron ya gama maganarsa. Abin da mai karatu zai iya ganowa da kansa, kamar ramar akuya, ba na fassara masa. Abin da ba zai taɓa iya ganowa ba, kamar zancen kayan ɗaki, shi ne rabon babba.

Kafin a kai ga wannan, akwai aikin tankaɗe. Nakan raba takarda gida uku. A gida na farko in rubuta abin da ya shiga ta ido, ko kunne, ko hanci, ko harshe, ko fata: launin akuyar, ɗacin ƴaƴan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin a ci, nauyin ƙafar a hannuna. A gida na biyu, abin da wani ya gaya mini, tare da wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa. A na uku, abin da na karanta ko na ji a rediyo bayan na girma. Yaron yana da iko da gida na farko kaɗai. Sauran biyun na babba ne, kuma in zai yi amfani da su, ya nuna kansa.

Akwai alamomi uku da ke tona asirin babban in ya saɗaɗo cikin rigar yaro. Ta farko, kalmar da yaro ba shi da ita: "ƙarancin cimaka", "tattalin arziki", "sadaukarwa". Ta biyu, tsayin ido. Ɗan shekara tara ya fi ganin hannaye da ƙafafu da bakin tukunya. In labarin ya cika da karanta fuskokin manya da abin da ke zuciyarsu, wani ne mai tsawo ke kallo. Ta uku, sanin gobe: "ban san wannan ce akuyarmu ta ƙarshe ba". Irin wannan jimla ba haramun ba ce, amma ta babba ce, a ƙirga ta cikin shigowarsa.

Ko gida na farkon ma ba tsarkakakke ba ne. Tunawa ba ajiya ba ce da ake buɗewa a tarar da ita yadda aka bar ta. Duk lokacin da aka ba da labari, ana ɗan sake ɗinka shi. A tunanina awakin sun fi goma, kuma mun yi wata da watanni muna cin nama. Da na karanta wa Yaya abin da na rubuta, sai ta yi murmushi ta ce: "Kai ƙanena, guda shida ne. Biyu ma sun mutu da kansu, ba a ci ba." Ita tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma tana da dalilin ƙirga su. Lissafinta ya fi nawa ƙarfi. Amma ban goge nawa ba, domin yawan da yaron ya gani shi ma gaskiya ne game da yaron: cikin da ya daɗe bai ƙoshi ba, akuya huɗu garke ce a wurinsa. Na bar yaron ya ce "awaki da yawa", na bar babban ya ce "Yaya ta ce shida ne, ita ce ta ƙirga". Abin da bai halatta ba shi ne in ɗauki shidan Yaya in sa a idona kamar ni na ƙirga.

Na kuma nemi izininta kafin kowa ya karanta. Yaron da ya ci hanta labarinsa nawa ne, amma budurwar da ta shiga ɗaki tana raye, tana da jikoki. Wannan ma yana cikin aikin babban, yaro ba ya tunaninsa.

Saura hukunci, kuma nan ne abin ya fi wuya. Babba yakan so ya yi wa ƙaramin kansa ɗaya cikin abu biyu: ko ya tsawata masa, ko ya yi masa rawani. Mai tsawatarwa zai ce dubi marar tausayi, yayarsa na kuka yana lasar hannu. Mai rawani zai gyara labarin har yaron ya mayar wa Yaya rabonta. Duka biyun zalunci ne. Yaron ya yi aiki da iyakar abin da ya sani: an ce masa haƙori, ya yarda, don bai taɓa jin Yaya ta yi ƙarya ba. Manyan gidan ma da gangan suka ɓoye masa, kuma sun yi nasara. Murnarsa ita ce shaidar irin katangar da Inna da Baba da Yaya suka yi masa. In na goge murnar, na goge aikinsu. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in ɗauki yaron kamar ɗan maƙwabci da aka ba ni amana: ba zan yi masa ƙarya don in kare shi ba, ba kuma zan kama shi da laifin rashin sanin abin da ba a gaya masa ba.

Malaman makaranta za su ga wannan a cikin aji. A ba ƴan aji shida aikin rubuta wani abin da suke tunawa, da Faransanci ko da Hausa, kusan dukkansu za su rufe da jimla irin ta tsofaffi: daga ranar na gane amfanin biyayya. Sun koyi cewa abin da malam ke so ke nan. Alhali ɗan shekara goma sha biyu ma yana da tasa tazarar da ɗan shekara shida da ya taɓa zama. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba aikin kwana biyu. Ranar farko su rubuta layi goma da abin da ke gida na farko kaɗai, a hana su "na gane" da "ya kamata". Kafin rana ta biyu, kowa ya je gida ya tambayi wani babba da ke wurin yadda shi ya ga abin. Sannan su ƙara layi uku kacal, su fara da "ashe" ko "sai daga baya". Wajen gyara, malam ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta fi ƙarfin ɗan shekara shida, ya tambayi mai ita: wa ya faɗi wannan, kai na da ko kai na yanzu? Yara suna saurin kama wannan tambaya, wani lokaci fiye da manya.

Sai dai a kula da abu guda. In abin sabo ne, kamar rasuwar da ba ta shekara ba, babu babban da zai yi magana tukuna, mutum ɗaya ne har yanzu, kuma yana cikin abin. Kada a matsa wa irin wannan yaro ya fito da darasi. In ya so rubutawa, a bar shi da gida na farko, a karɓa haka nan. "Ashe" ba a ƙago ta, zuwa take yi, wani lokaci bayan shekara goma sha biyar.

Mu kuma uwaye, da ba rubutu muke yi ba, hira ce a tsakar gida bayan isha'i, gwajinmu ya fi sauƙi. In labarin ƙuruciyarka ya fara da "mu a zamaninmu" ya ƙare da "amma ku", to ba labari ka ba da ba, bulala ka ɗauko, kuma yara sun san bulala tun daga nesa. Gwada ba su yaron yadda yake, da kwaɗayinsa da tsoronsa da abin da ya fahimta a karkace, ka yi shiru inda ya kamata darasi ya fito. Ɗanka zai yi tambaya. Amsar wannan tambaya ita ce rabonka na babba, kuma a lokacin kunnensa a buɗe yake.